Dubu hamsin a wata zai ishi kuɗin sakandare?

"Assalamu alaikum. 'Yata ta shiga aji biyar na firamare bana, kuma ina son in kai ta wata sakandare mai zaman kanta a nan Zariya idan ta gama. Na karɓo takardar kuɗinsu ta bana, kuɗin zango naira 120,000 ne, amma an ce mini kowace shekara sai sun ƙara. Abin da zan iya warewa daga albashina naira 50,000 ne a wata. Ta yaya zan san ko zai isa, kuma nawa ya kamata in riƙa ajiyewa?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya ta, ya albarkaci karatunta. Bari in fara da inda lissafin zai kai mu, sannan mu bi shi daki-daki. Idan ka tsaya a kan dubu hamsin ɗin nan ba ƙari har shekara bakwai, ba za ta kai ka ba, kuma a misalin da zan buga maka a aji uku asusun zai ƙare. Idan kuwa ka ɗauke ta a matsayin mafari, kana ɗaga ta kaɗan kowace shekara, akwai hanyar da za ta ɓulle. Na yi shekaru ina aiki a ofishin kuɗi na wata makaranta mai zaman kanta, ni nake buga irin takardar da ke hannunka, ni kuma nake zama da iyaye idan biya ya gagara. Daga can na koyi abin da zan faɗa maka.

Takardarka ba ta gabana, adadi ɗaya ka ba ni. Saboda haka sauran alƙaluman da za ka gani misali ne na gina a kan yadda irin waɗannan takardu suke zuwa. Ka ɗauko taka, ka cire nawa ka sa naka, hanyar ba za ta canza ba.

Kuɗin zango ba shi ne kuɗin makaranta ba

Yawancin iyaye layin farko na takardar suke karantawa, su ninka shi sau uku, su ce kuɗin shekara ke nan. A naka zai ba da naira 360,000. Amma ka sauke idonka ƙasa, za ka ga layuka da dama, kuma ba duka ake biyansu lokaci ɗaya ba. Ka samu biro ka raba su gida uku: abin da ake biya kowane zango, abin da ake biya sau ɗaya a shekara, da abin da ake biya a wani aji kaɗai.

A gidan farko, bayan kuɗin zango na 120,000, mu ce akwai kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai 5,000, da kuɗin jarrabawa da na ɗakin kwamfuta 10,000. Zango ya zama 135,000, shekara ta zama 405,000. A gida na biyu akwai kuɗin raya makaranta 30,000 da littattafai 45,000, waɗanda ake karɓa a watan Satumba. Shekara ta tashi zuwa 480,000. Wannan shi ne ainihin kuɗin shekara guda a ƙaramar sakandare, kuma ka ga ya ɗara lissafin farko da kashi ɗaya cikin uku.

Gida na uku shi ne wanda yake shammatar mutane. Sabon ɗalibi yana biyan kuɗin rajista, mu ce 35,000, da yunifom da kayan wasanni 45,000, don haka aji ɗaya 560,000 ne. Aji biyu ba shi da wani ƙari, 480,000. A aji uku akwai jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, mu sa mata 40,000, ya zama 520,000.

Daga nan kada ka ci gaba da takardar ƙaramar sakandare. Ka koma ofishinsu ka nemi ta babbar sakandare, domin kusan ko'ina kuɗinta ya fi, saboda ɗakin gwaje-gwaje da malaman darussa na musamman. Mu ce can kuɗin zango 150,000 ne, littattafai 55,000, sauran suna nan yadda suke. Shekara ta zama 580,000. Aji huɗu da sabon yunifom 625,000, aji biyar 580,000. Aji shida kuwa yana ɗauke da WAEC da NECO da darasin share fage, kuma abin da makaranta take karɓa a kan waɗannan ya kan fi abin da hukumomin jarrabawar suka sanar, saboda tana ɗora nata kuɗin hidima. Mu sa musu 150,000, aji shida ya zama 730,000.

Idan ka haɗa shekara shidan da farashin yau, naira 3,495,000 ne. Ka lura ban sa kuɗin mota da kuɗin tara ba. Waɗannan na fi son su zauna cikin cefanen wata, domin kullum ake kashe su. In kuwa motar makaranta za ta riƙa ɗaukarta ana biya zango-zango, to ka shigar da shi gidan farko.

Daga ina za ka samo adadin ƙarin?

Nan ne lissafin yake tsayawa ko ya faɗi, don haka zan ɗan daɗe a kai. Wasu suna ɗaukar adadin hauhawar farashi da ake faɗa a rediyo su ɗora a kan kuɗin makaranta. Ba na ba da wannan shawarar. A watan Disamba na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da hauhawar farashi kashi 34.8 cikin ɗari, amma mai makaranta ba ya iya ƙara abin da ya ga dama, domin ya san idan ya matsa da yawa iyaye za su kwashe 'ya'yansu zuwa makarantar da ke bayan layi. Abin da yake dubawa shi ne albashin malamai, da haya in ba gininsa ba ne, da man janareta da na mota, sai kuma abin da maƙwabtansa suke karɓa. Shi ya sa ƙarin makaranta ba ya tafiya a jere. Sai a yi shekara an ɗan taɓa, sannan wata shekarar a yi tsalle, kamar yadda makarantu da yawa suka yi bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023.

Abin da ya fi dacewa shi ne tarihin makarantar kanta. Ka nemi takardun kuɗinsu na shekara uku ko huɗu da suka wuce. In ofis suka yi nauyin ba ka, ka tambayi wani uba da ɗansa ya daɗe a can, mafi yawa suna da tsofaffin rasit a jaka ko hoton takardar a waya. Sharaɗi ɗaya ne: ka kwatanta aji ɗaya da aji ɗaya. Idan uban nan ya ce maka shekara uku da suka wuce yana biyan kaza, yanzu yana biyan kaza, alhali ɗansa ya tsallaka daga aji biyu zuwa aji biyar, to ya haɗa maka ƙarin farashi da canjin mataki, adadin zai kumbura fiye da gaskiya.

Mu ce ka samu cewa kuɗin zangon aji ɗaya ya tashi daga 75,000 zuwa 85,000, sannan 105,000, sannan 120,000 na bana. Ƙarin farko kusan kashi 13 ne, na biyu kusan kashi 24, na uku kusan kashi 14. Akwai kuskuren da ake yawan yi a nan. Mutum zai ce an ƙara 45,000 a kan 75,000, wato kashi 60, ya raba uku ya samu kashi 20 a shekara. Ba haka ba ne, domin ƙarin kowace shekara a kan sabon farashi yake hawa, ba a kan na asali ba. Adadin da idan ka ninka 75,000 da shi sau uku zai kai ka 120,000 shi ne kusan kashi 17. Gwada da kalkuletar wayarka: 75,000 sau 1.17, sau 1.17, sau 1.17, za ka ga 120,121. In kana amfani da Excel, ga yadda ake fitar da shi kai tsaye:

```
=(120000/75000)^(1/3)-1
```

Kashi 17 ɗin nan shi za mu yi aiki da shi. Ka kuma duba ko jimillar shekara tana tashi daidai da kuɗin zango. Na sha ganin shekarar da aka bar kuɗin zango yadda yake don kada iyaye su yi ƙorafi, aka ƙirƙiro sabon layi a ƙasa, ko aka ninka kuɗin littattafai. In kana da cikakkun takardun, ka yi lissafin da jimillar shekara, ya fi gaskiya.

Kowace shekara da nata ninki

Yanzu sai a kai kowane aji zuwa shekarar da za a biya shi. Takardar hannunka ta bana ce, yarinya tana aji biyar. Baɗi tana aji shida, an yi ƙari ɗaya. Shekarar da ta biyo baya ta shiga sakandare, an yi ƙari biyu. To kuɗin aji ɗaya za a ninka shi da 1.17 sau biyu, na aji biyu sau uku, haka har aji shida da za a ninka sau bakwai.

```
=560000*1.17^2
```

Aji ɗaya ya zama kusan 767,000. Aji biyu 769,000, wato kusan daidai da na farko, domin ƙarin shekarar ya cinye sauƙin da rashin kuɗin rajista ya kawo. Aji uku 974,000. Daga nan hawan yake tsananta: aji huɗu 1,370,000, aji biyar 1,488,000, aji shida 2,191,000. Jimilla kusan naira 7,559,000, fiye da ninki biyu na abin da takardar yau ta nuna.

Na san wannan adadi yana da nauyi a ƙirji. Amma ka dubi yadda ya rabu. Shekara ukun farko gaba ɗaya kusan miliyan biyu da rabi ne, na ƙarshe kuwa sun haura miliyan biyar. Kashi biyu cikin uku na nauyin yana babbar sakandare. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake ganin iyaye suna biya cikin sauƙi a aji ɗaya da biyu, su saki jiki, sannan a aji huɗu su fara zuwa ofis neman a ɗaga musu ƙafa. Na tuna wani uba, mai shagon kayan gini, da bai taɓa makara ba shekara uku. Ranar da ya zo karɓar takardar aji huɗu ya tsaya a bakin tebur yana bin layukan da yatsa, ya kai ƙasa ya sake komawa sama, sannan ya tambaye ni a hankali ko an yi kuskuren bugawa ne. Ba a yi ba. Canjin mataki da ƙarin shekara da sabon yunifom ne suka haɗu a takarda ɗaya. A zango na biyu ya cire yaron, kuma yaron ne ya fi shan wahalar, domin sauya makaranta a tsakiyar babbar sakandare yana taɓa shirin jarrabawa.

Gwada dubu hamsin ɗinka

Daga yanzu zuwa Satumbar da za ta shiga aji shida na sakandare wata 84 ne. Idan ka raba 7,559,000 da 84 za ka samu kusan naira 90,000 a wata. Wannan shi ne abin da za ka riƙa ajiyewa in kana son adadi ɗaya da ba ya canzawa, ba tare da ka dogara da wata riba ba.

Da dubu hamsin kuwa, ga yadda za ta kasance. Shekara biyun farko ba ka cire komai, ka tara 1,200,000. Ka biya aji ɗaya, saura 433,000. Ka ƙara 600,000 na shekara, ka biya aji biyu, saura 264,000. Ka sake ƙara 600,000, kana da 864,000, aji uku kuma yana neman 974,000. Ka gaza da 110,000, kuma shekaru masu tsadar ba su ma fara ba. Wannan bin asusun shekara-shekara ya fi raba jimilla amfani, domin yana nuna maka lokacin da giɓin zai buɗe.

To amma akwai abu biyu da lissafin nan bai gani ba. Na farko, yanzu haka kana biyan kuɗin firamarenta daga albashi. Ranar da ta gama aji shida na firamare wannan kuɗin ya kuɓuta. In mu ce ya kai naira 20,000 a wata idan an baje shi a shekara, to kada ka bari ya narke cikin cefane. Watan da ta gama, ka karkata shi zuwa asusun. Gidan ya riga ya saba rayuwa ba tare da shi ba, ba wanda zai ji an rage masa komai. Na biyu, dubu hamsin ta yau ba za ta yi nauyin dubu hamsin ta shekara biyar masu zuwa ba. Kuɗin makaranta yana hawa, dole ajiyarka ma ta hau.

Mu gwada haka. Bana 50,000 a wata, baɗi 55,000. Shekara ta uku ka ɗaga zuwa 60,000 ka haɗa da 20,000 na firamare, ya zama 80,000. Daga nan ka riƙa ƙara kusan kashi 10 kowace shekara: 88,000, sai 97,000, sai 107,000, sai 118,000.

Bayan ka biya aji ɗaya za a bar ka da 493,000. Bayan aji biyu 684,000, bayan aji uku 766,000. Ka ga asusun yana ƙiba a waɗannan shekaru, kuma nan ne jarrabawar take, domin kuɗi ne a ajiye da za ka ga kamar ba su da aiki. Suna da aiki. Bayan aji huɗu zai sauka zuwa 560,000, bayan aji biyar 356,000. Satumbar aji shida za ta same ka da 1,772,000, shekarar kuma tana neman 2,191,000, wato giɓin 419,000 a takarda.

Wannan giɓin ba ya tayar mini da hankali, ga dalili. Na yi lissafin kamar ana biyan kuɗin shekara duka a Satumba, da gangan, don ka kasance gaba da makaranta a kullum. A zahiri zango na biyu sai Janairu, na uku sai wajen Afrilu, kuma kowannensu a wannan shekarar kusan 495,000 ne. Abin da ke hannunka zai biya zangon farko da kuɗin jarrabawa da zango na biyu, ajiyar watannin da ke tsakani kuma ta cike na uku. Abin da kawai za ka kiyaye shi ne kuɗin WAEC da NECO ana karɓarsu da wuri, watanni kafin a zauna jarrabawar, don haka su ne farkon abin da za ka ware a shekarar.

Inda wannan tsari zai iya karyewa

Ya rataya a kan abu biyu da ba a hannunka suke ba. Ɗaya, cewa samunka zai ba ka damar ƙara kashi 10 kowace shekara. Albashin ma'aikaci ba ya tafiya haka. Akwai ɗan ƙarin mataki na shekara, akwai ƙarin girma bayan 'yan shekaru, sai kuma gyaran albashi na ƙasa kamar wanda ya kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, wanda ba kowace shekara ake yi ba. Ka dubi takardun albashinka na shekara biyar da suka wuce yadda ka dubi na makaranta. In ba ka ga alamar za ka iya kai 118,000 a wata nan da shekara shida ba, gara ka sani yau, tun kana da damar duba wata makarantar da kuɗinta ya fi sauƙi, ko ka tsara ta yi ƙaramar sakandare a nan, babbar kuma a wata ta gwamnati mai kyau, a sauya a ƙarshen aji uku inda sauyin ba ya cutarwa.

Na biyu shi ne kashi 17 ɗin kansa. Daga shekara uku aka ciro shi, ana kuma dogara da shi har shekara bakwai. Saboda haka ka buga lissafin sau uku. Da kashi 12 jimillar za ta sauko kusan 6,055,000, ka samu rara. Da kashi 22 za ta haura zuwa kusan 9,400,000, kuma tsarin da muka gina zai gaza tun a aji huɗu. Tazarar maki biyar kacal ta kawo bambancin kusan miliyan biyu. Ka yi tanadi da na tsakiya, amma ka san shekarar da na sama zai kama ka.

Kuma in akwai ƙannenta a baya, kowa a yi masa nasa layin, a jera su bisa shekara. Abin da za ka nema shi ne shekarar da nauyi biyu za su haɗu, kamar ita tana aji shida ƙaninta yana shiga aji ɗaya. Makarantu da dama suna rage wa ɗa na biyu ko na uku wani abu, amma sau da yawa sai ka tambaya, kuma a kan kuɗin zango kaɗai ake yin ragin.

Ina za a ajiye kuɗin?

Ban sa riba ko sisi a lissafin ba, kuma da niyya na yi. Duk abin da ajiyar ta haifa, ka bar shi ya zama garkuwa ga shekarar da makaranta za ta yi tsalle. Amma barin kuɗi su kwanta shekara biyu a asusun da ba ya haifar da komai, alhali abin da za a saya da su yana tashi kashi 17, asara ce a ɓoye.

Ni ina raba su biyu. Kuɗin da za a biya cikin wata goma sha biyu masu zuwa su zauna a asusun banki na daban, wanda ba shi da katin cirar kuɗi kuma ba a haɗa shi da manhajar wayarka ba. Ka ba bankinka umarni a rubuce su riƙa tura adadin a ranar da albashi ya shiga. Wanda ya ce sai ƙarshen wata zai ajiye abin da ya rage, ba abin da zai rage. Sauran, wato abin da ba za a taɓa ba sai bayan shekara, shi ne za a sa inda zai yi aiki. In kana guje wa kuɗin ruwa, bankuna irin su Jaiz da TAJ suna da ajiyar zuba jari ta wa'adi a kan tsarin mudaraba, inda ribar ba tabbatacciya ba ce, tana bin abin da aka samu. Ka zaɓi wa'adin da zai cika a watan Agusta, domin fasa ajiya kafin lokacinta yana cin ribar. Ka kuma tabbata bankin yana ƙarƙashin inshorar NDIC, hukumar da ke kare ajiyar mutane in banki ya durƙushe, wadda tun 2024 take rufe har naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankunan kasuwanci, miliyan 2 a ƙananan bankuna. Asusunka a wannan tsari ba zai kai miliyan biyu ba a kowane lokaci.

Sukuk na Gwamnatin Tarayya, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, wanda Ofishin Kula da Basussuka ya fara fitarwa a 2017, yana biyan haya sau biyu a shekara, amma wa'adinsa shekara bakwai ne ko goma. Kai kuwa za ka fara cira bayan shekara biyu. Ana iya sayar da shi kafin wa'adi ta hannun dillalin hannun jari, sai dai farashin ranar zai iya zama ƙasa da abin da ka saya. In za ka shiga, da ɗan abin da ka ware wa aji shida kawai.

Adashe yana da amfani ɗaya: yana tilasta maka zubi. Ba ya ƙara ko kwabo, kuma in ɗaukarka ta faɗo a Nuwamba, kuɗin za su tarar da wata buƙatar kafin Janairu. In za ka yi, ka roƙi uwar adashe ta sa ɗaukarka a Agusta. Kiwon rago ko ajiye hatsi kan kawo riba mai kyau a wasu shekaru, a wasu kuma dabba ta mutu ko farashi ya faɗi, ga shi lokacin Babbar Salla yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, ba ya bin kalandar makaranta. Kada kuɗin zango mai zuwa su shiga nan. Duk wanda kuma ya yi maka alkawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya ko biyu, ka tuna abin da MMM ta yi wa mutane a ƙarshen 2016.

Akwai wata hanya da mutane ba su cika lura da ita ba. Idan ta riga ta shiga kuma asusun yana da ƙiba, ka tambayi makarantar ko suna karɓar kuɗin shekara gaba ɗaya da ragi. Wasu suna yi, domin suna buƙatar kuɗi a Satumba. Ko ba ragi, biyan yana kare ka daga ƙarin tsakiyar shekara, in dai an rubuta a rasit cewa an biya zango uku cikakku, da sa hannu da hatimi. Ban yarda a biya fiye da shekara ɗaya gaba ba, domin makaranta kan canza hannu, kai ma aiki zai iya ɗauke ka daga Zariya, kuma karɓo kuɗin da ya riga ya shiga asusun makaranta abu ne mai wuya.

Aikin kowane Agusta

Duk shekara, da zarar sabuwar takarda ta fito, ko da yarinya ba ta shiga ba tukuna, ka je ka karɓo ta, ta ƙarama da ta babbar sakandare. Ka kwatanta da abin da ka yi hasashe. Baɗi, alal misali, lissafinka ya ce jimillar aji ɗaya za ta zama kusan 655,000. In ta fito 640,000, kana kan hanya, kada ka rage ajiya. In ta fito 700,000, ƙarin ya kai kashi 25, sai ka ɗauki sabuwar takardar a matsayin tushe, ka sake ninka kowane aji, ka sake bin asusun shekara-shekara ka ga inda giɓin ya koma. Giɓin da ka hango da saura wata 60, in na 600,000 ne, ƙarin naira 10,000 a wata zai rufe shi.

Sai ka dubi abin da ke asusun ka gwada da abin da ya kamata ya kasance. A tsarinmu, ƙarshen shekarar farko 600,000, ƙarshen ta biyu 1,260,000 kafin a biya komai. In ka ciri wani abu saboda rashin lafiya ko wata larura, abin da yake faruwa da kowa, ka rubuta shi a matsayin bashin da asusun yake bin ka, da adadin da za ka riƙa mayarwa kowane wata da watan da za ka gama.